Za a mayar da lokacin sabunta dashbod zuwa hantsi: me zan rubuta wa abokan aiki?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ce mai nazarin bayanai a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Gombe, muna da sito a Kumo, Billiri, Dukku da Bajoga. Dashbod ɗinmu na Power BI yana sabuntawa da ƙarfe 6:00 na safe, amma sau da yawa babu wuta a ofis a wannan lokaci, kuma masu kula da siton Dukku da Bajoga ba sa turo lissafin jiya sai wajen ƙarfe 9:30. Manaja ya amince a mayar da shi ƙarfe 10:30. Muna aiki Litinin zuwa Asabar, akwai kuma taron shugabannin sassa kowace Litinin da ƙarfe 8:30. Don Allah ku taimaka mini da abin da ya kamata imel ɗin sanarwar ya ƙunsa.

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki rubuta ko da layi ɗaya, ki zauna da takarda ki amsa wa kanki tambaya guda: idan mutum ya buɗe allon nan da ƙarfe 8:30 na safiyar Talata, lissafin wace rana yake kallo? Amsar wannan tambaya ita ce zuciyar imel ɗin, domin akanta da jami'in saye ba su damu da sa'ar da na'ura ke jan bayanai ba, abin da ya dame su shi ne ko adadin da za su faɗa wa Manaja ya cika ko bai cika ba.

Bari mu bi lissafin a hankali. A tsohon tsari, duk ranar da aka yi sa'ar wuta, mai buɗe allo da ƙarfe 8:30 na Talata yana ganin cinikin Litinin, sai dai babu na Dukku da Bajoga a ciki. A sabon tsari kuwa, abin da zai tarar a wannan sa'a shi ne abin da aka jawo ranar Litinin da ƙarfe 10:30, wato lissafin da ya cika har zuwa ƙarshen mako, tare da ɗan guntun cinikin safiyar Litinin ɗin da aka riga aka shigar. Kin ga ke nan kin sami cikar lissafi, amma kin biya da jinkiri, kuma masu aikin sassafe ne za su ɗauki nauyin wannan jinkiri. Kalmar "jiya" da ke kan allo, daga buɗe ofis har zuwa hantsi, tana iya nufin shekaranjiya, tana kuma iya nufin jiyan da ba a kammala ba, ya danganta da yadda aka gina allon.

A nan ne nake so in ɗan tsaya, domin wannan shi ne wurin da na fi ganin an yi tuntuɓe. Idan katin da ke nuna cinikin jiya an gina shi da ma'auni mai amfani da TODAY() a rage kwana ɗaya, to ana lissafa wannan ranar ne a lokacin da mutum ya buɗe allo, ba a lokacin da aka jawo bayanai ba. A ce kuna sayar da buhu 900 a rana ta yau da kullum, kuma ranar Litinin kafin ƙarfe 10:30 buhu 120 kawai aka shigar. Da safiyar Talata katin zai nemi ranar Litinin, zai sami buhu 120 ɗin nan, ya nuna su a matsayin cinikin yini guda. Mai kallo zai ga ciniki ya faɗi da kusan kashi 87 cikin 100, alhali babu abin da ya faɗi. Na taɓa ganin haka da idona a wani ofishi da na yi wa aiki a Bauchi. Shugaban sashen kasuwanci ya buɗe allo a wayarsa bayan sallar asuba, ya ga adadi irin wannan, kafin ƙarfe takwas ya kira masu kula da sito uku yana yi musu faɗa, ɗaya daga cikinsu har ya ɗauko littafin sito ya hau mota ya taho don ya wanke kansa. Laifin nawa ne, domin na sanar da sabuwar sa'a amma ban duba katin ba. Saboda haka kafin ranar canji, ki gyara wannan kati ya riƙa nuna ranar aiki ta ƙarshe da lissafinta ya cika, ki kuma cire kalmar "jiya" daga kansa, ki sa ainihin kwanan wata ya fito.

Abu na biyu da za ki tanada kafin imel shi ne hatimin lokaci a saman allo, wanda zai nuna sa'ar da aka yi sabuntawa ta ƙarshe. Idan babu shi, duk bayanin da za ki yi a imel zai ɓace cikin mako biyu, mutane su koma kiranki suna tambaya ko allo ya sabunta. Sai dai ki kula da wani tarko. Na'urorin Microsoft da ke gudanar da sabuntawa a intanet suna aiki da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma a Nijeriya muna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, tunda ba ma sauya agogo da rani ko damina. Idan kika yi hatimin da DateTime.LocalNow(), a kwamfutarki zai nuna daidai, amma da zarar an ɗora shi a intanet zai nuna 9:42 a maimakon 10:42, sai abokan aiki su ɗauka kin yi musu ƙarya ko allon bai sabunta ba. Wannan layin a Power Query yana magance matsalar:

```
DateTimeZone.RemoveZone(DateTimeZone.SwitchZone(DateTimeZone.FixedUtcNow(), 1))
```

Haka kuma a shafin Scheduled refresh ki tabbata yankin lokacin da aka zaɓa shi ne (UTC+01:00) West Central Africa. Idan an bar shi a UTC, 10:30 ɗin da kika rubuta zai zama 11:30 a agogon Gombe.

Yanzu sa'ar da za ki faɗa wa mutane. Kada ki ce musu 10:30. Wannan sa'ar fara aiki ce, kuma ko ita ba tabbas ba ce, domin Microsoft da kansu sun bayyana cewa burinsu shi ne sabuntawa ta fara cikin minti 15 daga lokacin da aka tsara, amma jinkirin yana iya kaiwa awa ɗaya idan na'urorinsu sun cika da aiki. Ki buɗe Refresh history ki duba tsawon lokacin da sabuntawarku ke ɗauka a makonnin baya. A ce minti 12 ne. Minti 15 na jira da minti 12 na aiki sun kai ki 10:57, don haka sa'ar da za ki rubuta a imel ita ce ƙarfe 11:00. Sannan ki ba su sa'a ta biyu, wadda daga ita ne ya dace a neme ki, misali 11:45, wato awa ɗaya ta jinkiri mafi tsawo da minti 12 na aiki, da ɗan rara. Wanda ya san waɗannan sa'o'i biyu ba zai kira ki da ƙarfe 10:35 ba, kuma ba zai zauna har la'asar yana aiki da tsohon adadi ba tare da ya yi magana ba.

Taron Litinin shi ne babban abin da canjin ya taɓa, kuma a ganina bai kamata shugabannin sassa su fara jin labarinsa a imel ba. Bayananku suna bi ta kwamfutar ofis mai ɗauke da On-premises data gateway, manhajar da ke haɗa ta da Power BI a intanet, shi ya sa rashin wuta ke hana sabuntawa. Ranar Lahadi ofis a rufe yake, kwamfutar a kashe, don haka babu sabuntawa. Abin da za a gani da ƙarfe 8:30 na Litinin shi ne abin da aka jawo ranar Asabar da hantsi, wanda ya cika har zuwa Jumma'a kawai. Cinikin Asabar ba zai shiga ba sai ƙarfe 11:00, bayan an watse daga taro. Hanyoyi biyu ne masu tsabta: ko a mayar da taron ƙarfe 11:30, ko a bar shi a sa'arsa a amince cewa makon da ake tattaunawa yana ƙarewa ranar Jumma'a. Wannan hukuncin Manaja ne, ba naki ba. Ki shiga ofishinsa ki shimfiɗa masa hanyoyin biyu, ya zaɓa, sannan ki rubuta abin da ya zaɓa a imel a matsayin abin da aka riga aka yanke.

Na san wani zai ce a bar na ƙarfe 6:00 a ƙara na 10:30 a kansa, tunda lasisin Pro ya yarda da sabuntawa har sau 8 a rana. Na'ura za ta iya, amma ban ba ki wannan shawara ba. Idan aka yi haka, cinikin jiya zai kasance da adadi biyu a rana ɗaya, na safe wanda babu Dukku da Bajoga, da na hantsi wanda ya cika, sai akanta ya riƙe ɗaya, jami'in saye ya riƙe ɗaya, a zo gaban Manaja ana musu kowa da gaskiyarsa.

Sauran aikin shi ne ki gano duk abin da ya rataya a kan tsohuwar sa'a. Akwai masu karɓar hoton allo ta imel kowace safiya, wanda wataƙila an tsara shi ƙarfe 7:00 saboda a da ya biyo bayan na 6:00. Idan ba a taɓa shi ba, zai ci gaba da zuwa a kan lokaci ɗauke da tsohon lissafi, kuma wannan ya fi rashin zuwansa haɗari, domin babu wanda zai yi zargin komai. A mayar da shi zaɓin After data refresh, ko a sa masa ƙarfe 11:45. Akwai kuma waɗanda ba za ki gan su a cikin na'ura ba sai kin tambaya, kamar jami'in da ke kwafe adadin kayan da suka rage a sito da safe don ya yanke yawan buhunan da za a loda wa motar Billiri. Ki zagaya ofis ki tambayi kowane sashe abin da suke ɗauka daga allo kafin ƙarfe 11:00. Zagayen ba zai wuce rabin awa ba, kuma shi ne zai ba ki sakin layi mafi amfani a imel ɗin.

Game da ranar canji, ki zaɓi tsakiyar mako, nesa da ƙarshen wata lokacin da akanta ke rufe littafi. Ki kuma lura cewa a ranar farko tazarar za ta fi ta kullum tsawo, domin daga ƙarfe 6:00 na Talata zuwa 10:30 na Laraba awa 28 da rabi ne. Ki faɗi haka a fili.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ne a kujerarki, na ɗauka cewa Manaja ya zaɓi a matsar da taro. Kwanan watan misali ne, ki sa naki.

Take: Daga Laraba 14 ga wata, dashbod zai riƙa sabuntawa da hantsi, a duba shi daga ƙarfe 11:00

"Assalamu alaikum, shugabanni da abokan aiki.

"Bisa amincewar Manaja, daga ranar Laraba 14 ga wata, dashbod ɗin ciniki da kayan sito ba zai ƙara sabuntawa da ƙarfe 6:00 na safe ba. Cikakken lissafin ranar da ta gabata, har da na Dukku da Bajoga, zai riƙa fitowa daga ƙarfe 11:00 na safe, Litinin zuwa Asabar. An yi wannan canji ne domin a lokacin akwai wuta ko janareta a ofis, kuma dukan sito huɗu sun riga sun turo lissafinsu.

"Duk wanda ya buɗe allo kafin ƙarfe 11:00 zai ga lissafin da aka jawo jiya da hantsi, wanda ya cika har zuwa shekaranjiya ne kawai. Don Allah kada a kai rahoto ko a yanke shawarar lodi da shi. A saman allo, ta hannun dama, akwai hatimi mai nuna rana da sa'ar sabuntawa ta ƙarshe a agogon Nijeriya, a riƙa dubawa kafin a kwafi kowane adadi.

"Masu kula da sito: a tabbata an kammala turo lissafin jiya kafin ƙarfe 10:15. Abin da ya shigo bayan sabuntawa ba zai fito ba sai washegari. Shugabannin sassa: taron Litinin ya koma ƙarfe 11:30 domin cinikin Asabar ya shiga. Masu karɓar hoton allo ta imel: zai riƙa zuwa bayan sabuntawa, ba ƙarfe 7:00 ba, kuma na riga na gyara wannan, babu abin da za ku yi. Sashen saye da lodi: adadin kayan da suka rage a sito kafin ƙarfe 11:00 a nemo shi kai tsaye daga mai kula da sito.

"Yadda ake lissafa ciniki da riba bai canza ba, adireshin allon da izinin shiga ma suna nan yadda suke. A ranar Laraba kaɗai, allon zai tsaya a kan lissafin safiyar Talata har zuwa ƙarfe 11:00, wannan ba matsala ba ce. Idan ƙarfe 11:45 ta yi hatimin bai nuna ranar yau ba, a sanar da ni, ni kuma zan aiko da saƙo ga kowa duk ranar da sabuntawa ta gaza.

"Na gode, Allah ya ba mu sa'a."

Ki lura da wasu abubuwa a tsarinsa. Na sa rana da sa'a a cikin take, domin da yawa daga abokan aikinki a waya za su ga saƙon, kuma taken ne kawai za su karanta. Dalilin canji bai wuce jimla ɗaya ba, kuma ban ambaci sunan manhajar da ke haɗa kwamfutar ofis da intanet ba, ban kuma kawo zancen UTC ba, tunda waɗannan aikinki ne, ba nasu ba. Na kuma rubuta dalilin ta yadda ba zai zama kamar ana tuhumar mutanen Dukku da Bajoga da lalaci ba. Su ne za ki dogara da su kowace safiya daga yanzu, kuma idan suka ji an kunyata su a gaban shugabanni, wa'adin 10:15 ba zai yi ƙarko ba. Gara ki kira su ɗaya bayan ɗaya kafin imel ya fita, ki ji ko wa'adin zai yiwu a wurinsu, musamman ranakun da sabis ke yankewa. Na sa 10:15 ne, ba 10:30 ba, don a sami minti 15 na rara idan fayil ya maƙale a hanya.

Sakin layin da ke faɗin abin da bai canza ba yana da aikinsa. Da zarar lissafin Dukku da Bajoga ya fara shiga a kan lokaci, adadin cinikin jiya zai fi wanda mutane suka saba gani da safe, kuma wani zai zaci an sauya hanyar lissafi ko an ƙara wani abu. Idan kina so, ki ƙara jimla ɗaya mai cewa adadin zai ɗan fi na da saboda yanzu sito huɗu ne a ciki, ba biyu ba.

Ki aika imel ɗin kamar kwana uku na aiki kafin canji, ki sake tura taƙaitaccen tuni a zauren WhatsApp na ofis da yammacin Talata, domin masu kula da sito sun fi ganin saƙo a can. Ranar Laraba da ƙarfe 11:00 ki buɗe allon da kanki, ki gwada jimlar sito ɗaya da abin da ke cikin littafinsa, sannan ki aika layi guda cewa sabon tsari ya fara aiki.

Akwai abu ɗaya da ba na cikin imel ba ne amma zai iya karya alƙawarin da kika yi a cikinsa. Power BI yana kashe jadawalin sabuntawa da kansa idan ta gaza sau huɗu a jere, kuma ba ya kunna shi sai mai allon ya shiga ya kunna. Tunda sau ɗaya kuke sabuntawa a rana, kwana huɗu na rufe ofis sun isa, kuma hutun Sallah idan ya haɗu da Lahadi yana iya kaiwa haka. Don haka ki zaɓi Weekly a maimakon Daily, ki cire Lahadi daga jerin ranaku don kada a riƙa ƙirga miki gazawa a banza, ki kunna saƙon sanar da gazawa ya riƙa zuwa gare ki da wani abokin aiki guda da zai iya tsaya miki ranar da ba kya nan. A safiyar farko bayan kowane dogon hutu, ki shiga Scheduled refresh kafin ƙarfe 10:30 ki tabbata jadawalin yana kunne, kwamfutar ofis ma an kunna ta.